Layin kuɗin ruwa: me ake nufi idan aka ce ya kife?

Jama'a, a labaran tattalin arziki za ku ji ana cewa "layin kuɗin ruwa ya kife". Bari in fayyace abin da ake nufi, domin yana taɓa jarin mai sayen masara a Kasuwan Magani kamar yadda yake taɓa ɗan'uwansa mai shago a Legas ko Fatakwal.

Gwamnatin tarayya tana cin bashi ta hanyar sayar da takardun lamuni. Akwai na gajeren zango, na kwana 91, 182 da 364, waɗanda Babban Bankin Najeriya, CBN, ke gwanjonsu. Akwai kuma na dogon zango, daga 'yan shekaru har zuwa shekara 30, waɗanda ofishin kula da basussuka, DMO, ke fitarwa. Idan ka jera su daga mafi gajarta zuwa mafi tsawo, ka ɗiga ribar da kowace ke bayarwa a shekara, sannan ka haɗa ɗigon, to ka zana layin.

Siffarsa uku ce. Ta farko ita ce mai hawa sama, kuma ita aka saba gani. Dillalin hatsi a Kasuwan Magani ya san dalili: wanda zai biya kasuwa mai zuwa daban, wanda ya ce sai kaka daban. Jira mai tsawo yana da haɗari, saboda haka farashinsa ya fi. Ta biyu ita ce shimfiɗaɗɗiya, inda gajere da dogo suka kusa yin kunnen doki. Ta uku ita ce kifaffiya: bashin shekara ɗaya ya fi na shekara goma riba.

Me zai sa mutum ya yarda da riba kaɗan a kan dogon jira? Saboda yana hasashen cewa tsadar kuɗin yau ba za ta ɗore ba. Babban banki yana ɗaga kuɗin ruwa don ya danne hauhawar farashi, sai gajeren zango ya tashi. Masu zuba jari kuma suna ganin matsin zai rage ciniki, har bankin ya dawo ya sauke. Sai su yi rububin takardun dogon zango don su kulle ribar yau, rububin kuma ya sauko da ribarsu. Bankuna ma abin yana shafarsu, don suna karɓar ajiya ta ɗan lokaci ne su ba da bashi mai tsawo. Idan layin ya kife, ribar wannan aiki ta tsuke, sai su ja hannu.

Shi ya sa ake ɗaukarsa a matsayin gargaɗi. A Amurka ya kife a 2006 kafin karayar tattalin arzikin 2008, ya sake kifewa a 2019. Amma daga 2022 zuwa 2024 ya shafe kusan shekara biyu a kife, tattalin arzikinsu kuma bai daina girma ba.

Mu dubi namu. A 2024 CBN ya ɗaga kuɗin ruwansa daga kashi 18.75 zuwa 27.5 cikin ɗari. A ƙarshen shekarar takardar kwana 364 tana fita a kan ragin kusan kashi 23. Ga lissafin: takardar naira 100,000 za ka saye ta kusan 77,000, bayan shekara a ba ka 100,000. Ribar 23,000 a kan 77,000 ta kusa kashi 30, ba 23 ba. Nan mutane da yawa ke kuskure, su gwada ragin da ribar dogon zango kai tsaye. Takardun dogon zango a lokacin ba su wuce kashi ashirin da 'yan kai ba. Ke nan layin ya kife sosai.

Duk da haka tattalin arzikin Najeriya ya ƙaru da sama da kashi 3 a 2024. Karayar da muka yi a 2016 da 2020 kuwa, faɗuwar farashin man fetur da annobar korona ne suka jawo. A ganina, a ƙasarmu kifewar layin ta fi nuna tsadar bashi a yau fiye da abin da zai faru gobe. Bankin da gwamnati za ta ba shi kusan kashi 30 cikin shekara, ba zai yi ɗokin ba mai tara citta a Kafanchan jari ba, sai da tsada.

Ko ba ka mu'amala da kuɗin ruwa, abin zai iso gare ka, domin kamfanin da ke sayen kayanka da bashi yake juyawa. Idan ka ji layin ya kife, ka rage ba da kaya bashi mai dogon wa'adi, kuma ka yi lissafi sau biyu kafin ka tara kaya da kuɗin aro.