Albashi, alawus, fansho da hutu: Yadda ake lissafa kuɗin ma'aikata a kasafin aiki

Idan ƙungiya ko gidan jarida ya nemi tallafin gudanar da wani aiki na shekara guda ko biyu, sashen kuɗin ma'aikata shi ne wanda masu bayar da tallafi suka fi zuba wa ido. Kuskuren da aka fi yi a wannan sashe shi ne ɗaukar albashi a matsayin dukkan abin da ma'aikaci zai ci wa aikin. Albashi kaso ne kawai na kuɗin. Idan aka manta da sauran, kasafin zai ƙare kafin aikin ya kammala, kuma sau da yawa fanshon ma'aikaci ake taɓawa a cike giɓin.

Albashi da alawus

Matakin farko shi ne a warware albashin kowane muƙami zuwa sassansa, domin a kan sassan ne ake lissafa sauran kuɗaɗe. Mu ɗauki misalin jami'ar aiki da za a biya Naira 400,000 a wata. Ainihin albashinta Naira 200,000 ne, alawus ɗin gida 100,000, na sufuri 60,000, sai 40,000 na waya da abinci.

Wannan Naira 400,000 ita ake rubutawa a kasafi, ba abin da zai shiga asusun jami'ar ba. Harajin albashi da kasonta na fansho daga cikin kuɗin ake cire su. Wanda ya sake rubuta su a wani layi ya ƙirga kuɗi ɗaya sau biyu.

Fansho da inshora

Dokar Gyaran Fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba aƙalla kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kuma kashi 8. Ta wajabta tsarin a kan ma'aikatun da ba na gwamnati ba masu ma'aikata 15 ko fiye, amma ƙananan ƙungiyoyi ma suna iya shiga bisa ƙa'idojin Hukumar Fansho ta Ƙasa, wato PenCom. Kuɗin da ake lissafi a kansa bai kamata ya gaza jimillar ainihin albashi da alawus ɗin gida da na sufuri ba.

A misalinmu jimillar ukun Naira 360,000 ce. Kason ƙungiya Naira 36,000 ke nan a wata, kuma shi ne ƙarin da ake ɗorawa a kan albashi. Kason jami'ar, Naira 28,800, daga albashinta zai fita. Da za a yi lissafin a kan ainihin albashi kaɗai, ƙungiya za ta zuba 20,000 maimakon 36,000, jami'ar ta yi asarar Naira 192,000 a shekara ba tare da ta ankara ba. Dokar ta ce a tura kuɗin cikin kwanaki bakwai na aiki bayan biyan albashi, kuma jinkiri yana jawo tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 na abin da aka riƙe ba a kowane wata.

Dokar ta kuma tilasta yi wa ma'aikata inshorar rai da za ta biya magada aƙalla ninki uku na albashin shekara. Ga jami'armu, Naira miliyan 14.4 ke nan. Ba wannan adadin ake sa wa a kasafi ba, sai kuɗin da kamfanin inshora zai karɓa, wanda ake nema a rubuce kafin a kammala kasafin. Mu ƙaddara ya nemi Naira 72,000 a shekara, wato 6,000 a wata. Mu ƙaddara kuma inshorar lafiya 10,000 ce a wata. Sai kashi 1 cikin 100 na albashi da Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ce a biya asusun NSITF, wato Naira 4,000.

Hutu

Hutu yana shiga kasafi ta hanya biyu. Ta farko ita ce alawus ɗin hutu, wanda ya dogara da takardar ɗaukar aiki. Idan ta ce kashi 10 cikin 100 na ainihin albashin shekara, Naira 240,000 ke nan, ko 20,000 a wata.

Yanzu a haɗa: 400,000 na albashi, 36,000 na fansho, 6,000 da 10,000 na inshora, 4,000 na NSITF, da 20,000 na hutu. Jimilla Naira 476,000 a wata, ko 5,712,000 a shekara. Wanda ya rubuta albashi kaɗai, Naira 4,800,000, ya bar giɓin 912,000 a kan mutum ɗaya.

Hanya ta biyu ita ce ranakun da ake biyan ma'aikaci alhali ba ya bakin aiki. Dokar Ƙwadago ta tanadi aƙalla kwanaki shida na aiki a matsayin hutun shekara bayan wata 12, sai dai ƙungiyoyi da dama suna ba da fiye da haka. Wannan yana tasiri idan mai tallafi yana biya ne bisa ranakun da aka yi aiki. Shekara tana da ranakun aiki kimanin 260. Idan aka cire kwana 20 na hutun shekara, aka ƙaddara 12 na hutun gwamnati, saura 228. Raba 5,712,000 da 260 zai ba da kimanin Naira 21,970 a rana, raba shi da 228 kuwa zai ba da kimanin 25,050. Adadi na biyu shi ne zai maido da kuɗin da aka kashe. Idan kuwa albashin wata ake cajin aikin, hutun yana ciki, ba a sake ƙara shi.

Hutun haihuwa yana buƙatar tanadi na dabam. Dokar Ƙwadago ta ba da mako 12, tare da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida tana aiki. Idan aikin ba zai iya tsayawa ba, sai an ware kuɗin wanda zai riƙe kujerar.

Kason lokaci

Ba kowane ma'aikaci ne yake ba aiki ɗaya dukkan lokacinsa ba. Idan jami'armu za ta ba wannan aikin rabin lokacinta, abin da za a rubuta shi ne rabin 476,000 sau wata 12, wato Naira 2,856,000. Rabon ya shafi fansho da inshora da hutu baki ɗaya. Idan aikin zai shiga shekara ta biyu, a lissafa ƙarin albashi tun yanzu a layi na dabam, domin da wuya mai tallafi ya ƙara kuɗi bayan sa hannu.

Yadda ake gane matsala

Mai binciken kasafi yana iya fara da tara kason lokacin kowane ma'aikaci a duk ayyukan ƙungiyar. Idan ya haura kashi 100, ana karɓar albashi ɗaya daga wuri biyu. Sannan ya duba ko akwai mutanen da suke zuwa ofis kullum amma an rubuta su a matsayin masu ba da shawara na wucin gadi, domin dabara ce da ake kauce wa fansho da ita.

Shi kuma ma'aikaci, ya kwatanta takardar albashinsa da bayanin asusun fanshonsa daga kamfanin da yake kula da shi. A misalinmu, Naira 64,800 ya kamata ta shiga kowane wata. Idan an cire kuɗi a takarda amma bai isa asusun ba, yana da damar kai ƙorafi PenCom tare da takardun biyu.