Falsafar Kulawa: Tarihinta da Ƙalubalenta ga Adalcin Ba-Sani-Ba-Sabo

Falsafar kulawa wani reshe ne na nazarin ɗabi'a da ya tsiro a Amurka a farkon shekarun 1980. Tushenta shi ne cewa kowane ɗan'adam a hannun wani yake fara rayuwa, sau da yawa kuma a hannun wani yake ƙare ta, don haka ɗawainiyar da mutane suke yi da juna, ta raino da jinya da riƙon tsoho, ta cancanci zama ma'aunin gane abin da ya dace da wanda bai dace ba. Masu wannan ra'ayi sun taso ne suna ja da wata daɗaɗɗiyar koyarwa ta Turai, wadda ta ce hukunci nagari shi ne wanda aka yanke ba sani ba sabo, ba tare da duba dangantaka ba.

Koyarwar da aka tarar

Babu wanda ya kai wannan koyarwa iyaka kamar William Godwin, Baturen Ingila, a littafinsa na 1793 kan adalcin siyasa. Ya ce a ɗauka gobara ta tashi a gidan Fénelon, babban limamin Kirista kuma marubuci ɗan Faransa, mutum ɗaya kacal za ka iya fitarwa, ko shi ko baranyarsa. A ganin Godwin adalci ya wajabta a ceci Fénelon saboda ya fi amfani ga jama'a, ko da kuwa baranyar nan mahaifiyarka ce. Immanuel Kant da Jeremy Bentham sun sha bamban a abubuwa da yawa, amma sun haɗu a kan cewa ƙa'idar ɗabi'a ba ta san ɗan gida ba. A 1971 John Rawls ya sabunta tunanin da misalinsa na labulen rashin sani: mutanen da za su tsara dokokin al'umma su yi haka ba tare da sanin ko su masu kuɗi ne ko talakawa, masu hazaƙa ko akasin haka ba. Tunani ne mai ƙarfi, kuma irinsa ne ake kafa hujja da shi wajen hana alƙali fifita ɗan'uwansa da hana shugaba raba muƙamai ga danginsa.

Muryar da aka ji daban

Jayayyar ta faro ne daga ilimin halayyar ɗan'adam. Lawrence Kohlberg, wanda ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Chicago a 1958, ya tsara matakai shida na yadda hankalin mutum yake girma wajen gane daidai da kuskure. Yaran da ya fara gwaji da su duka maza ne. Yakan ba su labarin wani mutum mai suna Heinz da matarsa take bakin mutuwa, mai haɗa magani ya ce sai dala 2,000, shi kuwa rabin kuɗin kawai ya iya tarawa. Ya saci maganin ko kada ya sata? Wanda ya amsa da ƙa'idoji na gama-gari yana hawa matakan sama, wanda kuwa ya amsa da zancen zumunci da kyautata wa na kusa yakan tsaya a mataki na uku.

Carol Gilligan ta yi aiki tare da Kohlberg a Jami'ar Harvard, kuma a 1982 ta fitar da littafinta In a Different Voice. A ciki ta kawo amsoshin yara biyu 'yan shekara goma sha ɗaya, waɗanda ta kira Jake da Amy. Jake ya warware batun kamar lissafi: rai ya fi dukiya, saboda haka a sata. Amy kuwa ta ƙi zaɓar ɗaya daga cikin biyun. Ta damu da cewa in aka kama Heinz aka ɗaure shi, matar za ta rasa mai jinyarta in ciwon ya dawo, ta ce ya nemi rance, ya koma wurin mai maganin su tattauna. A ma'aunin Kohlberg amsar Amy ta faɗi ƙasa da ta Jake. Gilligan ta ce ma'aunin ne ya gaza, domin yarinyar ta hango abin da zai biyo bayan satar, da mutanen da abin zai shafa, da hanyar da ba a saka cikin tambayar ba.

Bayan shekara biyu Nel Noddings, malamar ilimin tarbiyya, ta wallafa Caring, inda ta mai da wannan lura cikakkiyar falsafa. Ta ce kulawa tana buƙatar mai kulawa ya tattara hankalinsa kacokan ga wanda yake gabansa, bukatar wancan ta zama ita ke motsa shi, sannan ba ta cika ba sai wanda ake kula da shi ya karɓa ya nuna alamar ta isa gare shi. Sara Ruddick kuma ta nuna cewa rainon yaro aiki ne mai tunani da ƙa'idojinsa, ba tausayi ba ne kawai.

Misali daga cikin gida

A ɗauka wata dattijuwa ce ta samu shanyewar ɓarin jiki, maganarta ta sarƙe. 'Ya'yanta uku: babban ɗa yana aiki a wani gari mai nisa, ta tsakiya tana gidan miji da ƙananan yara, autar kuma malamar firamare ce da take zaune tare da ita. An yi taron iyali, babban ya kawo shawarar da kowa ya ga babu cuta a cikinta, wato shekara wata goma sha biyu ce, kowa ya ɗauke ta wata huɗu, kuɗin magani kuma a raba uku. In aka auna da adalcin ba-sani-ba-sabo rabon ya yi daidai, domin ko ba ka san a cikin ukun wane ne kai ba za ka amince da shi.

Amma dubi yadda jinyar take a zahiri. Mai irin wannan larura sai ana juya ta kusan duk bayan awa biyu, dare da rana, in ba haka ba fatar ƙugu da diddige ta yi ja, daga nan ta buɗe ta zama gyambo mai wuyar warkewa. Sai an zaunar da ita sosai kafin a ba ta kunu, cokali-cokali, ana jira ta haɗiye, domin in ta ƙware abincin yana iya gangarawa huhu ya jawo ciwon haƙarƙari. Autar ta san in tsohuwar ta murza bakin zanenta da hannun da ke aiki, fitsari take ji. Tsohuwar ba za ta yarda ɗanta namiji ya yi mata wanka ba, a gidansa kenan aikin zai faɗa kan matarsa, wadda ba a ma kira taron ba. Ɗakin da ta saba, da maƙwabtan da ke leƙowa gaisuwa bayan la'asar, duk za ta rasa su wata takwas a shekara. Rabon ya ƙirga 'ya'ya uku, ya manta da mai ciwon, ya kuma ɗauka wata huɗun kowa daidai yake da na kowa.

Joan Tronto, a littafinta Moral Boundaries na 1993, ta bayyana kulawa a matakai huɗu da ta tsara tare da Berenice Fisher: lura da cewa akwai bukata, ɗaukar alhakin biyanta, yin aikin da hannu, da duba yadda wanda aka yi wa ya karɓa. Babban ɗan nan ya cika biyun farko da zuciya ɗaya. Na uku yana buƙatar ƙwarewa, na huɗu kuma shi ne yake nuna ko tsarin ya yi kyau, kuma alamominsa a fili suke: tana cin abinci ko tana kau da kai, fatarta lafiya ko ta fara ja, tana barci ko tana kwana da kuka. Da wannan ma'auni amsar ita ce tsohuwar ta zauna a ɗakinta, a hannun autarta.

Nan kuma wata matsala take kunno kai, wadda ta fi ta farko zafi. Autar za ta riƙa makara zuwa makaranta, wataƙila ta rasa aikin, bayanta ya riƙa ciwo saboda ɗaga mara lafiya, maganar aurenta a jingine ta. In ta ce, “Yaya, ni fa na gaji,” sai a ba ta haƙuri a sa mata albarka, kowa ya koma harkarsa. Tronto ta yi magana a kan wannan gata da wasu ke da shi, na biyan kuɗi ko yin yabo sannan su tsame hannunsu daga wahalar aikin. A nawa ganin wannan ne wurin da falsafar ta fi cancantar a saurare ta, domin ba ta ɓoye cewa kulawa kan zama hanyar danne mai yinta ba.

Eva Feder Kittay ta fuskanci batun kai tsaye a Love's Labor, 1999, tana rubutu a matsayin masaniyar falsafa kuma uwar 'ya mai tsananin naƙasa. Ta soki Rawls da cewa ya gina tsarinsa a kan mutanen da ke iya ba da cikakkiyar gudunmawa ga al'umma tsawon rayuwarsu, alhali jariri da tsoho da mai naƙasa ba haka suke ba, mai ɗawainiya da su ma hannunta a ɗaure yake. Ƙa'idarta ita ce mai kulawa ma tana da haƙƙin a kula da ita, kamar yadda ake samun mai tsayawa kan maijego don ita ta samu sukunin kula da jinjirinta. A gidan da muke misali da shi, wannan na nufin babban ɗa ya ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin uku na kuɗi, ya biya mai taimako da rana don autar ta riƙe aikinta, ta tsakiya ta karɓi kwanan wasu darare ayyanannu a mako, a kuma sa lokacin sake zama a duba tsarin. Ba a raba daidai ba, amma an bi bukatar mai ciwon da ƙarfin kowa.

Suka da gyare-gyare

Falsafar ta sha suka tun daga farko. A 1984 Lawrence Walker ya bi diddigin gwaje-gwajen da aka yi da ma'aunin Kohlberg, bai samu wani bambanci na a-zo-a-gani tsakanin maza da mata ba, haka kuma nazarin Sara Jaffee da Janet Hyde na 2000 ya nuna bambancin jinsi wajen karkata ga kulawa ko adalci ƙarami ne. Wasu masu fafutukar haƙƙin mata sun ji tsoron cewa yabon kulawa a matsayin muryar mace zai ƙara ɗaure mata a aikin da ba a biya. Susan Moller Okin ta ce a 1989 abin da iyali ke buƙata shi ne adalci ya shigo cikinsa. An kuma tambayi Noddings makomar baƙon da ke fama da yunwa a wata nahiya, wanda ba a ganin fuskarsa, daga baya ta faɗaɗa ra'ayinta ya haɗa da manufofin gwamnati.

Virginia Held, a The Ethics of Care na 2006, ta tsaya a kan cewa kulawa ce faffaɗan tushe, tunda babu yaron da zai rayu ya girma ba tare da ita ba, amma kotu da dokar ƙasa suna da fagensu inda ba-sani-ba-sabo ya kamata ya yi rinjaye. Daga shekarun 1990 zuwa yau muhawarar ta koma kan batutuwa irin su hutun jinya ga ma'aikata, albashin masu aikin kula da tsofaffi, da halin mata 'yan ci-rani da ke barin 'ya'yansu a gida su je rainon na wasu a ƙasashe masu arziki.