Alhamza a tsakiyar kalma: inda take zama da inda ba ta da gurbi

Alhamza baƙi ce cikin baƙaƙen Hausa. Ana furta ta ne ta hanyar datse iska a maƙogwaro na ɗan lokaci, kamar yadda ake ji a tsakiyar kalmar "a'a". A rubutun boko ba a ware mata harafi ba, sai wata alama mai kama da waƙafi da ake ratayawa a sama. Da yake ana amfani da alamar nan wajen wasu ayyukan, ruɗani ya yi yawa a sanarwoyi da takardun ofis da allunan shaguna.

Tushen ƙa'idar shi ne, alhamza tana buɗe gaɓa, don haka kullum wasali ne ke biye da ita. A farkon kalma ana furta ta amma ba a rubutawa: aiki, auna, uwa. Tana bayyana ne idan wani abu ya shigo gabanta, shi ya sa aiki ya ba da ma'aikaci, auna ya ba da ma'auni, uwa ta ba da ɗan'uwa. Yawancin sauran kalmomin aro ne daga Larabci, inda ta maye gurbin hamza ko ainun: sa'a, jama'a, addu'a, mas'ala, Alƙur'ani.

Labaran Birnin Gwari sun wadatar da misalai, domin kalmomin da aka fi maimaitawa kan yankin da dajin Kamuku cike suke da wannan alama. A ƙarshen shekarar 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta garin bayan sulhu. A ɗauka wani ya rubuta sanarwa kamar haka:

"Za'a bud'e kasuwa, don haka ana kira ga a'lumma da yan kasuwa su ba jam'ian tsaro haɗin kai."

Kuskure biyar ne a wannan jimla, kuma kowanne da irin nasa.

Na farko shi ya fi yaɗuwa. Gaskiya ne ana jin alhamza a "za a", amma kalmomi biyu ne, kuma "a" tana farkon kalmarta, inda ba a rubuta alamar. Gwajin mai sauƙi ne: a sauya "a" da "su". In aka sami "za su", to rabawa ake yi. Haka abin yake ga "ba a", kuma a nan kuskuren yana taɓa ma'ana, domin "ba'a" a haɗe zolaya ce. Wanda ya rubuta "ba'a biya haraji ba" ya sa zolaya a gurbin korewa, ko da mai karatu zai gane nufinsa.

A "bud'e" babu alhamza ko kaɗan. Marubucin ya rasa harafi mai ƙugiya ne a wayarsa, sai ya yi dabara. Daidai shi ne "buɗe", kamar yadda k'asa take ƙasa, b'arawo kuma ɓarawo. Ana ganewa da kunne: a "mas'ala" ana jin s ta ƙare kafin a datse iska, amma ɗ sauti ɗaya ne da ba ya rabuwa.

"A'lumma" ta saɓa wa tushen ƙa'idar, tunda baƙi ne ya biyo bayan alamar. Gaɓoɓin kalmar al-um-ma ne, don haka al'umma. Shi kuwa "jam'ian" ya nuna cewa matsar da alamar da harafi ɗaya yana sauya kalma. Jami'i ma'aikacin hukuma ne, gaɓoɓinsa uku, ja-mi-i, yayin da jam'i ke da biyu, jam-i, kamar a sallar jam'i. Jami'an tsaro ake nufi. Irin wannan bambancin ne ke tsakanin jami'a da jam'iyya.

Saura "yan kasuwa", wanda ya rasa alamarsa. Sai dai wadda ke cikin 'yan kasuwa da 'yan bindiga da 'ya'ya ba alhamza ba ce; ɓangare ce ta baƙin 'y, wanda a Jamhuriyar Nijar ake rubutawa ƴ. Nan ne kaɗai baƙi ke bin alamar bisa ƙa'ida, kuma nan ne kaɗai take zuwa a farkon kalma. Wayoyi da yawa sukan juyar da ita ta koma alamar buɗe zance, abin da mai gyaran rubutu ya kamata ya lura da shi.

Ga jimlar bayan gyara: "Za a buɗe kasuwa, don haka ana kira ga al'umma da 'yan kasuwa su ba jami'an tsaro haɗin kai."

Sunayen mutane suna bin wannan ƙa'idar: Mu'azu, Sa'idu, Rabi'u, Isma'ila, A'isha. Wasu na'urorin cike takardu ba sa karɓar alamar, sai sunan ya fito Muazu a banki, Mu'azu a takardar ɗaukar aiki. Ma'aikacin da sunansa ya bambanta haka yana iya shan tambayoyi a lokacin tantancewa, don haka ya fi dacewa ya duba yadda aka rubuta shi a katin shaidar ɗan ƙasa, ya daidaita sauran takardun da shi.