Yadda A Kan Gane Shekarun Gini

Yara 'yan makaranta, in ba takarda ba shaida, ginin kansa shi muke tambaya. Bari mu ɗauki wani zaure a birnin Zazzau, wanda aka yaɓe fuskarsa da siminti, aka zana keke a bisa ƙofar.

To, hanyar jirgin ƙasa ba ta kai Kano ba sai 1911, siminti da keke kuwa ba su yawaita a ƙasar Hausa ba sai bayan zuwanta. Ashe ke nan fuskar ba ta riga wannan shekara ba. Amma kada mu yi gaggawa, gama yaɓe riga ce, ana sake ta. Sai mu duba inda ya ɓanɓare. In mun tarar da tsohuwar makuba a ƙarƙashi, bangon ya girmi adonsa.

Daga nan sai ƙyaure. Ƙusar maƙeri kowace da irin kanta, ta kanti kuwa duk kai ɗaya. Katakon da aka sassaƙa da gizago yana da sara-sara, na zarto yana da layi-layi. Duk da haka ƙyaure da azara shaidu ne masu rauni, domin magina kan ciro su daga kango su sa a sabon ɗaki.

Saboda haka abin da ya fi sabunta a cikin tushe da bango, watau inda ba a iya sakewa sai an rushe, shi ke faɗa mana shekarar da ginin bai riga ta ba.