Yadda Ake Kwatanta Tayin Rance: Jimillar Abin Da Za A Biya

A garin Kuje, hedikwatar ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya, mai neman rance ba ya rasa inda zai nufa. Akwai bankunan kasuwanci, da ƙananan bankuna masu bai wa 'yan kasuwa jari, da ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata, da kamfanonin da ke cire kuɗinsu kai tsaye daga albashi, ga kuma manhajojin waya. Kowannensu yana tallata lambar da ta fi yi masa kyau: wani ya ambaci kuɗin ruwa na wata, wani na shekara, wani kuma abin da za a riƙa biya a ƙarshen wata kawai. Waɗannan lambobi ba ma'auni ɗaya ba ne. Abin da ake iya jerawa a kwatanta shi ne jimillar kuɗin da za su fita daga aljihun mutum daga ranar farko zuwa ta ƙarshe, idan aka cire abin da ya shiga hannunsa.

Lissafin ba shi da wuya. A ninka biyan wata da yawan watanni, a ƙara duk wani cajin da aka biya a gefe, sannan a debe kuɗin da aka karɓa a zahiri. Abin da ya rage shi ne farashin rancen.

Tayi uku a kan Naira 500,000

A ɗauki misalin mai sayar da hatsi a kasuwar Kuje, wadda ke neman Naira 500,000 domin sarin masara da dawa a lokacin kaka. Lambobin na misali ne, amma tsarinsu shi ne wanda ake gani a takardun masu ba da rance. An yi mata tayi uku. Na farko kashi 3 cikin ɗari ne a wata, na tsawon wata 12. Na biyu kashi 42 cikin ɗari ne a shekara, wato kashi 3.5 a wata, shi ma na wata 12. Na uku kashi 2.5 ne a wata, na tsawon wata 24. A dukkansu za a cire Naira 10,000 tun farko a matsayin kuɗin gudanarwa da inshora, ta yadda Naira 490,000 ce za ta shiga asusunta.

Da gani, na uku ya fi sauƙi, na biyu kuma ya fi tsada. Lissafi ya nuna akasin haka, kuma dalilin yana cikin tambaya guda: a kan wane kuɗi ake ɗora ruwan?

A tayin farko, ruwan tsayayye ne, wanda ake rubutawa flat rate a takardu da manhajoji. Ma'anarsa ana lissafa kashi 3 ɗin a kan Naira 500,000 cikakkiya kowane wata, ko da an riga an biya rabin bashin. Ruwan wata Naira 15,000 ke nan, na shekara Naira 180,000. Jimilla Naira 680,000, ana biyan kimanin Naira 56,667 a wata. A watan ƙarshe, ragowar uwar kuɗin da ke kanta Naira 41,667 ce kacal, amma har yanzu Naira 15,000 za ta biya a kai, wato kashi 36 cikin ɗari na abin da ake bin ta a wannan watan.

A tayi na biyu, ana ɗora ruwan ne a kan ragowar bashi, abin da ake rubutawa reducing balance. Biyan wata kimanin Naira 51,742 ne. A watan farko Naira 17,500 daga ciki ruwa ne, sauran Naira 34,242 kuma su rage uwar kuɗi zuwa Naira 465,758. A wata na biyu ruwan ya sauko zuwa kusan Naira 16,300, haka zai ci gaba da raguwa har ya kai kimanin Naira 1,750 a watan ƙarshe. Jimillar abin da za ta biya ta kai kusan Naira 620,900.

Idan aka debe Naira 490,000 da ta karɓa, farashin tayin farko Naira 190,000 ne, na biyu kuma Naira 130,900. Tazarar ta haura Naira 59,000, fiye da biyan wata guda, kuma mai ƙaramar lamba a talla shi ne mai tsadar. Da za a mayar da kashi 3 tsayayyen nan zuwa ma'aunin ragowar bashi, zai tashi kusan kashi 5 a wata, wato sama da kashi 60 a shekara. Dalili shi ne, mai biya wata-wata ba ya riƙe dukkan kuɗin har ƙarshe. A matsakaici, ɗan fiye da rabinsu ne ke hannunsa. Shi ya sa masu lissafi kan ce tsayayyen ruwa ya kusa ninka abin da yake nunawa.

Tarkon ƙaramin biyan wata

Tayi na uku shi ne wanda ya fi jan hankalin ma'aikacin albashi, domin biyan watansa Naira 33,333 ne kawai. Ruwansa Naira 12,500 ne a wata, amma sau 24, wato Naira 300,000. Jimilla Naira 800,000, farashi kuma Naira 310,000 idan aka haɗa da abin da aka cire tun farko.

A nan ne ya kamata a yi wa wannan hanya ta kwatanci adalci, domin tana da iyaka. Jimillar rancen wata 24 kusan kullum za ta fi ta wata 12, tun da an daɗe ana amfani da kuɗin. Wannan kaɗai bai isa a ce mai ba da rancen ya tsawwala ba. Jimilla tana raba gardama ne idan adadin kuɗin ɗaya ne kuma wa'adin ɗaya. Saboda haka, wanda ba zai iya biyan Naira 51,742 a wata ba, sai ya nemi mai tayi na biyu ya lissafa masa na wata 24. Da kashi 3.5 a kan ragowar bashi, biyan wata zai zama kimanin Naira 31,136, jimilla kuma kusan Naira 747,300. Ko a wa'adin nasa, ashe, tayi na uku ya fi tsada da sama da Naira 52,000, kuma biyan watansa ma ya fi yawa.

Biyan wata yana da nasa amfanin: shi ke nuna ko mutum zai iya ɗaukar nauyin. Manomin doya a Rubochi ko Gwargwada, wanda kuɗinsa ke zuwa bayan girbi, zai iya shiga matsala da rancen da ake biya mako-mako ko da shi ne mafi arha a jimilla. Tsarin da ya dace shi ne a fara tsayar da wa'adin da za a iya, mafi gajarta, sannan a kwatanta jimilla tsakanin masu bayarwa a kan wannan wa'adin.

Abubuwan da ba sa fitowa a talla

Kuɗin da ake cirewa kafin rance ya shiga asusu sun fi yin ɓarna a gajeren wa'adi. Manhajar da ta ba da Naira 50,000 na kwana 30, ta cire Naira 7,500 tun farko, ta ce kashi 15 ne. Amma Naira 42,500 mutum ya karɓa, don haka ya biya kusan kashi 17.6 a wata ɗaya.

Akwai kuma ajiyar dole, wadda wasu ƙananan bankuna ke gindayawa a rancen rukuni. Idan aka riƙe kashi 10 na Naira 500,000, mai rance yana biyan ruwa a kan kuɗin da Naira 50,000 daga cikinsu ba su taɓa shiga jarinsa ba. Za a mayar masa a ƙarshe, amma a lokacin kwatanci ya kamata ya tuna cewa Naira 450,000 ya juya.

Sai batun biya kafin wa'adi. Mai hatsin nan na iya sayar da kayanta a wata na shida ta so rufe bashin. A tsarin ragowar bashi, ruwan watannin da suka rage yana faɗuwa, sai dai in akwai cajin rufewa. A tsarin tsayayyen ruwa, wasu kan nemi a biya ruwan wa'adin gaba ɗaya. Haka nan, idan yarjejeniyar ta ce ruwan na iya sauyawa bisa yanayin kasuwa, jimillar da aka lissafa a ranar sa hannu ƙiyasi ce kawai.

Abin da ƙa'ida ta tanada

Ƙa'idojin kare masu hulɗa da bankuna da Babban Bankin Nijeriya, CBN, ya fitar a 2019 sun wajabta wa cibiyoyin da ke ƙarƙashinsa bayyana sharuɗɗan rance da caje-cajensa a rubuce kafin a sa hannu, har da adadin ruwa na shekara wanda ya haɗa da caje-caje, wanda ake taƙaitawa APR. Jagorar caje-cajen bankuna da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020 ta ƙayyade kuɗin gudanarwa na rance a bankunan kasuwanci da kashi 1 na uwar kuɗi, sau ɗaya, tarar jinkiri kuma kashi 1 a wata a kan abin da ba a biya ba, ban da ruwan da ke tafiya. Manhajojin rance kuwa, hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ce ta fara yi musu rajista tun 2022.

Takardar da ta fi kowace amfani ita ce jadawalin biya, mai nuna kowane wata da uwar kuɗi da ruwa a layi dabam-dabam. Daga shi ake gane tsarin ba tare da an tambayi kowa ba: idan layin ruwa bai canza daga watan farko zuwa na ƙarshe ba, tsayayye ne. Wanda ya ga caji da ba ya cikin yarjejeniya zai fara kai koke bankinsa a rubuce, idan ba a warware ba ya ɗaukaka zuwa sashen kare masu hulɗa na CBN.

Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa

Da yawa daga cikin masu karatu suna guje wa riba, suna zuwa bankuna irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, ko TAJ, wanda ya fara a 2019. A cinikin murabaha, banki ne ke sayen kayan, misali babur ko injin niƙa, ya sayar wa abokin hulɗa da ribar da aka amince, a biya kashi-kashi. Jimillar a bayyane take tun ranar ƙulla ciniki, kuma ba ta ƙaruwa da sauyin kasuwa. Sai dai ribar kan bambanta daga banki zuwa banki, kuma takan ƙaru da tsawon wa'adi. Kwatancin a nan shi ne a haɗa kafin alƙalami da biyan watanni da kuɗin takaful, a debe farashin kayan na kuɗi hannu a kasuwa a wannan ranar. Injin da ake sayarwa Naira 500,000 hannu da hannu, idan jimillarsa ta kai Naira 610,000 a wani banki, Naira 640,000 a wani a kan wa'adi ɗaya, bambancin Naira 30,000 ne, ko da biyan watan na biyun ya fi ƙanƙanta saboda an karɓi kafin alƙalami mai yawa.