Gwajin Egzom: Yadda Ake Tabbatar da Sauyin da Ya Jawo wa Yaro Cutar Gado

Egzom shi ne sashen DNA da jiki ke karantawa domin haɗa furotin. Bai kai kashi 2 cikin 100 na haruffa biliyan 3 da ke cikin DNA ɗin ɗan Adam ba, amma a cikinsa ake samun mafi yawan sauye-sauyen da aka san suna haddasa cututtukan gado. Likitoci na neman a karanta shi idan yaro na fama da ciwon da gwaje-gwajen yau da kullum suka kasa gano asalinsa.

A ɗauka wani mai sayar da kayan gwari a Kasuwar Muda Lawal yana da ɗiya wadda ta fara farfaɗiya tana wata shida, duk lokacin da jikinta ya yi zafi, daga baya kuma magana da tafiya suka yi mata nauyi. Idan likitan yara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ya yi zargin cutar gado, zai so a ɗebi jinin mutum uku: yarinyar, uwarta da ubanta.

Na'ura za ta karanta ƙwayoyin gado kusan 20,000, ta fito da wurare sama da 20,000 da haruffan yarinyar suka saɓa wa ma'aunin da ake kwatantawa da shi. Kusan dukkansu bambancin halitta ne kawai, don haka sai a shiga tankaɗe. A fara zubar da sauyin da ya yawaita a jikin masu lafiya, ta hanyar duba rumbun bayanai na gnomAD. Sannan a riƙe wanda ke lalata furotin kuma ya dace da alamomin ciwon.

Abin da ya rage ana auna shi da ƙa'idojin da ƙungiyoyin ACMG da AMP na Amurka suka fitar a 2015. Matakai biyar ne, kuma haka suke fitowa a takardar sakamako: Pathogenic, mai haddasa cuta, Likely pathogenic, wanda tabbacinsa ya haura kashi 90 cikin 100, VUS, wanda ba a san matsayinsa ba, Likely benign da Benign, marasa illa.

A misalinmu, a ce an sami sauyi a ƙwayar SCN1A wanda ke katse furotin kafin ya kammalu. An san irin wannan katsewa na jawo nau'in farfaɗiyar da ake kira Dravet, saboda haka hujja ce mafi ƙarfi, mai lamba PVS1. Rashin ganin sauyin a jikin masu lafiya matsakaiciyar hujja ce, PM2. Waɗannan biyu kaɗai Likely pathogenic suke bayarwa. Jinin iyaye ne ke cika awon: idan an tabbatar su ne suka haife ta, kuma babu mai sauyin a cikinsu, to a jikinta ya fara. Wannan hujja ce mai ƙarfi, PS2, kuma haɗuwarta da PVS1 ta isa a rubuta Pathogenic.

Amfanin hukuncin a bayyane yake. Kabamazefin da fenitoyin, waɗanda ake yawan bai wa masu farfaɗiya, kan ƙara tsananta ciwon Dravet, don haka likita zai sauya magani. Iyaye kuma za su ji cewa haɗarin maimaituwa a haihuwa ta gaba kaɗan ne, ko da yake bai gushe gaba ɗaya ba. Da a ce an sami kwafi biyu na sauyi ɗaya, guda daga uwa guda daga uba, kamar yadda kan faru a auren zumunci, da haɗarin ya zama ɗaya cikin huɗu a kowane ciki, irin na sikila.

Inda ake yin tuntuɓe shi ne hujjar "ba a taɓa ganinsa ba". Yawancin bayanan da ke rumbunan daga Turawa aka tattara su, alhali mutanen Afirka sun fi kowa yawan bambancin DNA. Sauyin da ya zama ruwan dare a Bauchi na iya fitowa kamar baƙo. A 2016 mujallar likitanci ta New England ta wallafa binciken da ya nuna an shaida wa wasu Amurkawa 'yan asalin Afirka cewa sauye-sauyensu a ƙwayoyin TNNI3 da MYBPC3 na jawo ciwon kaurin tsokar zuciya, daga baya aka gane ba su da illa.

Shi ya sa ƙa'idar ta hana gina magani ko wata shawara a kan VUS. Haka nan sakamakon da bai nuna komai ba bai kore cutar gado ba, domin gwajin na gano dalili ne a tsakanin kashi 25 zuwa 40 cikin 100 na irin waɗannan yara, kuma ba ya ganin mafi yawan sauyin da ke wajen egzom. Iyaye su adana takardar, su nemi a sake nazarin bayanan bayan shekara ɗaya ko biyu, domin matsayin sauyi kan canza idan sabuwar hujja ta bayyana.