Bin Sawun Hukuncin Baya: Dalilin Hukunci, Maganar Gefe, Da Yadda Kotu Ke Bambanta Shari'a Da Shari'a

A tsarin shari'ar da Nijeriya ta gada daga Ingila, hukuncin da babbar kotu ta yanke ba ya tsayawa kan mutanen da suka kawo ƙarar kaɗai. Ƙa'idar da aka gina shi a kanta tana zama doka ga kotunan da ke ƙasa da ita, duk lokacin da irin wannan magana ta sake zuwa gabansu. Wannan shi ne bin sawun hukuncin baya. Hukuncin Kotun Ƙoli yana ɗaure Kotun Ɗaukaka Ƙara da manyan kotuna da kotunan majistare. Na Kotun Ɗaukaka Ƙara yana ɗaure na ƙasa da ita. Manyan kotuna kuwa, tun da matsayinsu ɗaya, hukuncin wata ba ya ɗaure wata, sai dai ta duba shi ta ɗauka in ya gamsar da ita. Sashe na 235 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce babu ɗaukaka ƙara bayan Kotun Ƙoli, sashe na 287 kuma ya wajabta wa hukumomi da mutane da ƙananan kotuna aiwatar da hukuncinta a ko'ina cikin ƙasa.

Amma hukunci guda yana iya kai shafi ɗari, alƙalai biyar ko bakwai kowa ya rubuta nasa. Ba duk abin da ke ciki ne ya zama dole ba. Abin da ke ɗaure ƙaramar kotu shi ne dalilin hukunci, wanda lauyoyi ke kira da Latinanci rashiyo desidandi: ƙa'idar doka da kotu ta ɗora kan muhimman abubuwan da suka faru a shari'ar, wadda in babu ita da ba a kai ga wannan sakamako ba. Sauran maganganu, kamar misalin da alƙali ya buga, ko hasashensa kan abin da zai yanke da al'amarin ya zo ta wata fuska, ko nasiharsa ga lauyoyi, maganar gefe ce, wato obita dikta. Ana sauraren ta, musamman in daga Kotun Ƙoli ta fito, amma ba ta ɗaure kowa. Hukuncin alƙalin da ya saɓa wa masu rinjaye shi ma ba ya ɗaurewa, komai ƙarfin hujjarsa.

Jerin shari'o'in da suka shafi tsayar da ɗan takara a jam'iyya ya nuna yadda waɗannan ƙa'idoji ke aiki a zahiri.

Tushen maganar ita ce shari'ar Onuoha da Okafor, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1983. Onuoha ya nemi jam'iyyar NPP ta tsayar da shi takarar sanata a Jihar Imo, ya kuma ci zaɓen fid da gwani, amma kwamitin jam'iyya ya soke zaɓen, aka tsayar da wani. Ya je kotu yana neman a tilasta wa jam'iyyar ta tsayar da shi. Kotun Ƙoli ta ce wanda jam'iyya za ta tsayar takara harka ce ta cikin gida kuma ta siyasa, kotu ba ta da hurumin zaɓa wa jam'iyya ɗan takara. Wannan shi ne dalilin hukuncin. Cewa kujerar ta sanata ce, ko jihar Imo ce, ko jam'iyyar NPP ce, duk ba muhimman abubuwa ba ne. Da kujerar gwamna ce a Sakkwato, sakamakon ba zai canza ba.

Bayan shekara 20 aka gwada ƙarfin wannan ƙa'ida a shari'ar Ɗalhatu da Turaki. A 2003 jam'iyyar ANPP ta tsinci kanta da zaɓen fid da gwani guda biyu na takarar gwamnan Jigawa: wanda aka yi a Kano, Bashir Ɗalhatu ya ci, wanda aka yi a Dutse, Saminu Turaki ya ci. Jam'iyyar ta amince da Turaki. Ɗalhatu ya kai ƙara Babbar Kotun Birnin Tarayya da ke Abuja, ya yi nasara. An gabatar wa alƙalin hukuncin Onuoha, amma bai bi shi ba, har ya yi kira ga Kotun Ƙoli da ta sake duba matsayinta. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe hukuncin nasa, Kotun Ƙoli ta tabbatar da rushewar, ta kuma yi wa alƙalin kakkausan faɗa, tana ɗaukar abin da ya yi a matsayin rashin biyayya. Kuskurensa ba wai ya ƙi jinin tsohon hukunci ba ne. Alƙali yana iya bayyana damuwarsa cikin ladabi sannan ya bi. Kuskuren shi ne bai nuna wani bambanci na gaske tsakanin shari'ar da ke gabansa da ta Onuoha ba, ya kauce kawai don yana ganin nasa ra'ayin ya fi.

Wannan shari'a tana da amfani wajen koyon tantance dalili daga maganar gefe. Akwai wata tsohuwar hanyar gwaji da ake koya wa ɗaliban lauya: a ɗauki maganar da ake shakka a kanta, a juya ta, ko a cire ta gaba ɗaya, a ga ko sakamakon zai canza. In ya canza, maganar dalili ce. In bai canza ba, ta gefe ce. A cire faɗan da aka yi wa alƙalin, Turaki dai shi ke da nasara, saboda haka faɗan maganar gefe ce, ko da yake ya fi komai yawo a bakin lauyoyi. Sai dai gwajin yana da iyaka. Kotun Ƙoli ta kuma ce kotun Abuja ba ta da hurumin sauraren rikicin da ya shafi kujerar gwamnan Jigawa. Ke nan dalilai biyu ne, kowanne ya isa shi kaɗai ya kayar da ƙarar. In aka cire ɗaya, ɗayan zai riƙe sakamakon, sai gwajin ya nuna kamar duk biyun na gefe ne, alhali a doka duk biyun dalilai ne masu ɗaurewa.

To, ta yaya kotu ke kauce wa hukuncin da ya ɗaure ta ba tare da ta yi masa tawaye ba? Ta hanyar bambantawa: ta nuna cewa a shari'ar yau akwai wani muhimmin abu, ko a abin da ya faru ko a dokar da ake aiki da ita, wanda babu shi a ta baya, kuma wanda dalilin hukuncin bayan bai game shi ba. Wanda ya karanta usulul fiƙihu zai ga kamanni da ƙiyasi, inda ake ƙin haɗa mas'ala biyu in an sami bambanci a sababin hukuncin, ko da yake tsarin biyu ba ɗaya ba ne.

Shari'ar Ugwu da Ararume ta 2007 ita ce misalin. A zaɓen fid da gwani na PDP don takarar gwamnan Imo, Sanata Ifeanyi Ararume ya sami ƙuri'a 2,061, ya fi kowa. Charles Ugwu ya sami 36. Jam'iyyar ta miƙa sunan Ararume ga hukumar zaɓe, daga baya ta rubuta tana neman a maye gurbinsa da Ugwu, dalilinta kuwa kalma ɗaya ce: kuskure. A ido, wannan Onuoha ce ta sake dawowa: jiha ɗaya, kuka ɗaya, wanda ya ci an ture shi. Hujjar da ɓangaren jam'iyya ya dogara da ita ke nan, Babbar Kotun Tarayya kuma ta kori ƙarar Ararume.

Kotun Ɗaukaka Ƙara da Kotun Ƙoli suka bi wata hanya. Tambayar farko ita ce: a kan wace doka aka yanke shari'o'in baya? Onuoha an yanke ta a zamanin Dokar Zaɓe ta 1982, Ɗalhatu a zamanin ta 2002. Tambaya ta biyu: dokar yau iri ɗaya ce da waɗannan? A nan bambancin ya fito. Sashe na 34 na Dokar Zaɓe ta 2006 ya ce jam'iyyar da ke son canza ɗan takarar da ta riga ta miƙa sai ta sanar da hukumar zaɓe a rubuce aƙalla kwana 60 kafin zaɓe, kuma sai ta ba da dalili mai ƙarfi wanda za a iya tantancewa. Wannan sharaɗi babu shi a dokokin baya. Tambaya ta uku, wadda ita ce ke raba bambanci na gaske da na bogi: shin wannan bambanci ya taɓa dalilin tsohon hukunci? Ya taɓa. Onuoha ta hana kotu zaɓa wa jam'iyya ɗan takara. Ararume bai roƙi haka ba. Jam'iyyar da kanta ta zaɓe shi ta miƙa sunansa. Abin da ya roƙa shi ne kotu ta duba ko an cika sharaɗin da majalisa ta gindaya kafin a cire shi, fassara doka kuwa aikin kotu ne. Mai Shari'a Niki Tobi ne ya rubuta jagoran hukuncin, kotun kuma ta ce kalmar kuskure, ba tare da bayanin wane kuskure ba ne, ba dalili ba ce da wani zai iya tantancewa. Canjin ya zama haramtacce.

Abin lura shi ne Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda Onuoha ta ɗaure ta kamar yadda ta ɗaure alƙalin Abuja, ta kauce wa hukuncin kuma aka tabbatar da nata. Bambancinsu shi ne ita ta nuna sashen doka da ya raba shari'o'in, shi kuwa bai nuna komai ba. Kuma Kotun Ƙoli ba ta soke Onuoha ba. Sokewa wani iko ne daban, wanda ita kaɗai ke da shi a kan hukuncinta, ba ta kuma cika amfani da shi ba, kamar yadda ta yi a shari'ar Bucknor-Maclean da Inlaks a 1980, inda ta janye daga hukunce-hukuncenta biyu na baya. Hukuncin da aka soke ya mutu. Wanda aka bambanta yana nan da ransa, an dai rage faɗin filinsa.

Ararume ita ma nan take ta zama sawun da ake bi. A shari'ar Amaechi da hukumar zaɓe, wadda aka yanke a watan Oktoba na 2007, PDP ta cire Rotimi Amaechi daga takarar gwamnan Ribas ta sa Celestine Omehia da irin wannan dalili na kuskure. Kotun Ƙoli ta ɗora ƙa'idar Ararume, ta ce a idon doka Amaechi ne ɗan takarar jam'iyyar da ta ci zaɓen, ta ba da umarnin a rantsar da shi. Majalisar Tarayya ta mayar da martani a Dokar Zaɓe ta 2010, inda sashe na 141 ya hana ayyana wanda bai shiga dukkan matakan zaɓe ba a matsayin wanda ya ci, sashe na 87 kuma ya ba wanda ya shiga zaɓen fid da gwani damar kai ƙara in an saɓa wa doka ko ƙa'idojin jam'iyya. Wajen wannan ƙofa da doka ta buɗe, a rikice-rikice irin na shugabancin jam'iyya da zama ɗan jam'iyya, kotuna sun ci gaba da kafa hujja da Onuoha.